Inda Zan Shiga, Inda Zan Fita: Kundin Gyaran Wasan Rediyo

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau muka yi karatun farko na kashi na uku, mu shida a tsakar gidan mai shirya shirin, kowa ya ƙudundune saboda hazon da ya sauko tun daren jiya. Na ajiye waya a kan tabarma na kunna agogon ƙidaya. Filin da muke da shi minti 15 ne. Idan an cire kiɗan buɗewa da na rufewa da sanarwa, abin da ya rage na magana minti 13 da rabi. Da aka karanta layin ƙarshe, agogo ya nuna minti 19.

Bari in rubuta labarin a nan don in riƙa komawa gare shi. Wasan kashi 12 ne. Mijin Hadiza, ɗan kasuwa mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya rasu ya bar ta da Mustafa mai shekara 17 da ƙannensa mata biyu. Yayan mijin, Alhaji Garba, yana son a sayar da shagon, ita kuma tana son ya tsaya har Mustafa ya iya riƙe shi. An fara wasan ranar sadakar bakwai, za a rufe shi ranar fitarta takaba, wata huɗu da kwana goma.

Tsawon bai dame ni ba kamar abin da mai shirya shirin ya faɗa bayan an tashi. Ya ce, "Malama, labarin yana da kyau, amma mutanenki shiga kawai suke yi suna fita." Na dawo gida na duba, na ga gaskiya ya faɗa. Fitowa biyar ce a kashin, dukkansu da sallama suka fara, da "a gaida gida" suka ƙare. Na kuma gano dalili. Mai takaba ba ta fita sai da lalura, don haka duk wanda yake da magana da Hadiza shi ne zai zo ya same ta. Wanda ya zo gidan mutane kuwa dole ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a yi gaisuwa, a yi ta'aziyya. Ni kuma na bi kowane baƙo tun daga zaure har ya zauna, na sake raka shi har ƙofa.

'Yan wasana suna faɗar kalma wajen 140 a minti ɗaya, haɗe da ɗan shirun da ke tsakani. Ke nan kashi ɗaya bai kamata ya wuce kalma 1,900 ba, nawa kuwa ya kai 2,660. Sai na zubar da kusan 760, kuma ina jin na san inda suke.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yanka kwali ƙanana, ɗaya ga kowace fitowa. A kan kowane na rubuta wanda yake son wani abu, da wanda yake nema a wurinsa, da abin da ya hana a ba shi. A ƙasa na rubuta layin da al'amari ya juya a kansa, wato layin da bayan an faɗe shi abubuwa ba za su koma yadda suke ba. Fitowar da na kasa cike mata kwali na ajiye ta gefe. Ɗaya ce a kashi na uku, inda maƙwabciya ta zo ta taya Hadiza tsinke zogale suna maimaita abin da mai sauraro ya riga ya ji da kunnensa. Na cire ta ɗungurungum.

Fitowa ta biyu ce na zauna a kanta yini guda. Kwalinta: Alhaji Garba yana son makullin shago daga hannun Hadiza, ita kuma ba za ta iya ce wa yayan mijinta a'a kai tsaye ba. Kalmominta 560, minti huɗu cif. Ga yadda ta fara:

GARBA: Salamu alaikum.
HADIZA: Wa alaikumus salam. Maraba da Yaya, sannu da zuwa. Bismilla, ga tabarma.
GARBA: Yauwa, sannu. An wuni lafiya?
HADIZA: Lafiya lau. Ya mutanen gidan?
GARBA: Suna lafiya. Ya ƙarin haƙuri?
HADIZA: Da godiya.

Haka aka yi ta tafiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta aika a kawo ruwa, ya yi maganar sanyi da tsadar mai. Sai da aka ci kalma 150 kafin ya ce, "Dama maganar makullin nan ce ta kawo ni." Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ke nan babu wanda yake neman komai a wurin kowa. Mai sauraro da yake jin mu yana tuƙa adaidaita ko tana tuƙa tuwo, a cikin wannan mintin hankalinsa zai tafi wani wuri, kuma ba lallai ya dawo a daidai lokacin da makulli ya shigo ba.

Na ja layi da jan biro a saman maganar makulli, na ce daga nan za a shiga. Sai na nemi inda fitowar ta juya. Hadiza ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce ai ba a gama tattara takardu ba, ta ce a bari a yi arba'in. Shi kuma ya matsa, har ta ce, "Yaya, marigayi ya ce kada makullin ya bar ɗakin nan sai Mustafa ya zo ya karɓa da hannunsa." A nan ta ƙi shi, da bakin mamaci ta ƙi shi, domin ba shi da yadda zai yi gardama da ƙaninsa da ke kabari. Bayan wannan layin na rubuta kalma 90: ya ce to shi ke nan, ta ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ta ce a gaida Hajiya, ya ce za ta ji. Duk wannan zuba ruwa ne a kan wutar da na sha wahala na hura. Na ja layi na biyu. Abin da ya rage tsakanin layukan biyu kalma 320, minti biyu da kwata.

Talata, 14 ga Janairu

Na ɗauki muryar 'yan wasa biyu a waya suna karanta sabuwar fitowar, na kai wa Gwaggona a Fagge. Ita ce ma'aunina, domin rediyonta ba ya mutuwa daga asuba har ta kwanta, kuma ba ta karanta rubutun ba. Na kunna mata ba tare da na yi bayani ba. Muryar namiji ta fito, "Dama maganar makullin nan ce ta kawo ni." Ba a yi daƙiƙa ashirin ba ta ɗaga hannu.

"Ke 'yar nan, tsaya. Wane ne wannan? Mijinta ne ko mai gidan haya? Kuma wane irin mutum ne zai faɗo gidan mutuwa babu sallama babu ya haƙuri?"

Tambayoyin nan sun nuna mini abin da ban lura da shi ba. A fim, idan an shiga fitowa a tsakiya, ido yana ganin mutumin zaune a kan tabarma, takalmansa a gefe, kofin ruwa a gabansa, nan take mai kallo ya san an riga an gaisa. A rediyo babu ido. Ashe sallamar da na raina tana yi mini aiki har uku a ɓoye: tana faɗin wanda ya zo, tana faɗin inda ake, tana kuma faɗin matsayin kowa a wurin ɗan'uwansa. Na yanke ta ban ɗora wa komai wannan kayan ba. Mafi muni shi ne ta canja mini halin Alhaji Garba. Mutum ne mai ladabi da sanin ya kamata, abin da ya sa yake da wuyar ƙi ke nan. Na mai da shi maras kunya, kuma maras kunya ba ya ba mai sauraro tsoro, haushi kawai yake ba shi.

Na dawo na gyara farkon kamar haka:

(Kukan tantabaru daga nesa. Ƙarar cokali a cikin kofin shayi.)
HADIZA: Yaya Garba, ko shayin ba ka taɓa ba, ya kusa hucewa.
GARBA: Zan sha. (Ya ajiye kofi.) Hadiza, na yi miki ta'aziyya, na ga yara. Saura abin da ya kawo ni. Makullin shagon ƙanena.

Kalma 30 suka maye gurbin 150. An kira sunan kowa tun a layuka biyun farko. Tantabarun marigayi, waɗanda na kafa tun kashi na ɗaya, su ne alamar tsakar gidan Hadiza, duk inda aka ji su an san inda ake. Shayin da ya kusa hucewa kuwa yana faɗin cewa ya daɗe a zaune, an gaisa an gama, kuma akwai abin da ya tokare shi har ya kasa sha. Na sake kai wa Gwaggo da yamma. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan mutumin zai ba yarinyar nan wahala." Abin da nake so a ji ke nan.

Asabar, 18 ga Janairu

Makon nan wutsiyoyi na bi. Na karanta ƙarshen kowace fitowa daga kashi na ɗaya zuwa na shida, na ga iri uku ne suke ta dawowa. Akwai bankwana, wadda na riga na sani. Akwai maimaici, inda mutum biyu suke sake faɗa wa juna abin da suka yanke yanzun nan. Akwai kuma wadda ta fi yi mini wuyar rabuwa, inda baƙo ya fita Hadiza ta saura ita kaɗai tana cewa, "Oh ni Hadiza, yanzu ina zan sa kaina?" Mun saba jin wannan a wasanninmu har muna ganin dole ne. Amma duk abin da take faɗa a nan, mai sauraro ya riga ya faɗa a ransa. Idan na bar shi ya faɗa da kansa, damuwar tasa ce, zai tafi da ita fitowa ta gaba. Idan Hadiza ta faɗa masa, ta sauke masa ita.

Sai dai na yi wani kuskure a kashi na biyar da ya kamata in rubuta shi. Da na ɗanɗana daɗin fita da wuri, sai na fara yanke fitowa a kan tambaya kafin a amsa ta. Hadiza ta ga makulli a aljihun rigar Mustafa, ta ce, "Wa ya ba ka wannan?" Kiɗa. Fitowa ta gaba Alhaji Garba ya ce wa dillali, "Nawa ya taya?" Kiɗa. Haka har sau huɗu a jere. Da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar mai talla yana nuna kaya yana ɓoyewa. Babu fitowar da ta juya a cikinsu, duk an tsinke su kafin su kai ga juyawa. Mai sauraro zai jure wannan sau ɗaya a ƙarshen kashi, amma idan ya gane kullum haka za a yi masa, zai daina sa ransa.

Abin da na tsayar yanzu shi ne a fita bayan juyawa, kafin a huce. Tambayar fitowar dole a amsa ta a cikinta, ko da da shiru ne, abin da za a bari a buɗe shi ne abin da amsar za ta haifar. Na gyara ta makullin:

HADIZA: Mustafa, wa ya ba ka wannan?
MUSTAFA: Babu wanda ya ba ni, Umma. Na ɗauka na kai an yanko wani.
HADIZA: Wa ya biya kuɗin yankan?
MUSTAFA: (Shiru.) Baffa.

A nan aka fita. An sami amsa, kuma amsar ta fi tambayar nauyi. Ban rubuta kukanta ba, ban rubuta faɗan da za ta yi masa ba. Fitowa ta gaba ta buɗe da hayaniyar Kwari da ƙarar ƙofar ƙarfe ana ɗaga ta sama, mai sauraro ya san wane shago ne ake buɗewa kafin kowa ya yi magana.

Asabar, 25 ga Janairu

Akwai gaisuwar da na ƙi taɓawa, kuma mun yi doguwar muhawara a kanta da mai shirya shirin. A kashi na shida Inna, mahaifiyar marigayi, ta zo gidan a karo na farko tun bayan arba'in. Fitowar ta fara daga sallama, gaisuwar ta ɗauki daƙiƙa 50. Shi yana ganin tunda mun kafa doka a bi ta ko'ina. Na ce masa ya saurari abin da ake faɗa a cikin gaisuwar tukuna.

HADIZA: Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya?
INNA: Lafiya.
HADIZA: Ya ƙafar taki? An ce ta matsa miki.
INNA: Da sauƙi.
HADIZA: Bari in shimfiɗa miki darduma a ɗaki, waje da sanyi.
INNA: Bar shi. Nan ma ya isa.

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san akwai magana. Tsohuwa ta zo gidan ɗanta da ya rasu, ba ta ce ya haƙuri ba, ba ta tambayi jikokinta ba, ta ƙi shiga ɗaki. Kowace gaisuwa da Hadiza ta miƙa, an dawo mata da ita guntuwa. A nan gaisuwar ita ce faɗan, kuma ya fara tun daga kalmar farko. Da na shiga a makare, a daidai inda Inna ta ce a ba Garba makulli, da na zubar da wurin da aka fi jin zafin. Suruka ba za ta zagi matar ɗanta mai takaba a fili ba, ita ma Hadiza ba za ta ɗaga murya ba. Wurin da al'ada ta bar musu su gwabza shi ne cikin gaisuwa, ta hanyar abin da aka rage daga cikinta.

Wannan ya sa na fahimci abin da nake yi fiye da da. Makara da nake nufi ba a auna ta daga ƙofar gida, ana auna ta ne daga lokacin da wani ya fara neman abin da ɗayan ba ya son bayarwa. A fitowar Garba wannan lokacin ya zo bayan kalma 150. A ta Inna ya zo tare da sallama, domin Hadiza tana neman a karɓe ta a matsayin 'ya, Inna kuma ta hana. Na koma na duba dukkan gaisuwar da na yanke da wannan ma'auni: shin ta tafi yadda kowa yake zato, ko wani abu ya kauce a cikinta? Wadda ta tafi daidai, mai sauraro zai iya cike ta da kansa. Guda biyu na dawo da su. Ɗaya ita ce inda dillali ya gaida Mustafa da "ranka ya daɗe, mai shago", yaro ɗan shekara 17, don ya kumbura masa kai.

Mai shirya shirin ya yarda bayan wadda take fitowa a Inna ta karanta masa "Lafiya" ɗin nan sau ɗaya, a bushe, tana kallon gefe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kashi na bakwai ya fito minti 10 kacal, fitowa tara, kuma Gwaggo ta ce ba ta gane dalilin da Garba yake ta zarya gidan Inna ba. Laifin yankana ne. A rubutun farko akwai fitowar da malami ya zauna ya yi bayanin rabon gado daki-daki. Na ga ta yi kama da karatu, na shiga a ƙarshenta, inda kowa yake tashi. Ashe ginshiƙin labarin yana cikin abin da na zubar.

Ga lissafin. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, na ƙaddara shagon da kayan cikinsa naira miliyan 24 don rabon ya fita sarai. Mace tana da tumuni idan mamaci ya bar 'ya'ya, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3. Uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida, miliyan 4. Miliyan 17 da suka rage na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar rabon mace biyu: Mustafa miliyan 8 da rabi, kowace yarinya miliyan 4 da dubu 250. Ɗan'uwan mamaci ba shi da komai, domin ɗa namiji ya katange shi. Don haka ƙofar da ta rage wa Alhaji Garba ita ce rabon mahaifiyarsa. Idan Inna ta ce a fitar mata da sudusinta yanzu, Hadiza ba ta da miliyan 4 da za ta biya ta, sai a sayar da shago. Wanda bai ji wannan ba, ba zai gane komai daga kashi na bakwai zuwa ƙarshe ba.

Ban dawo da karatun gaba ɗaya ba. Na nemi wurin da lissafin ya taɓa wani har ya ji zafi, na shiga a nan:

MALAM: ...ɗan'uwa kuwa, Alhaji, ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji.
GARBA: Allah gafarta Malam, ni da na ba shi jarin farko?
MALAM: Idan bashi ne, ka kawo shaida a biya ka kafin rabo. Idan kyauta ce, ta zama tasa.
GARBA: To Inna fa? Ita nawa ne nata?
MALAM: Sudusi. Miliyan huɗu.
GARBA: Kuma tana da iko ta ce a ba ta yanzu?
MALAM: Haƙƙinta ne.

Na fita a kan "haƙƙinta ne". Lambobi biyu kawai mai sauraro yake buƙata, babu da miliyan huɗu, kuma ya ji su ne daga bakin mutumin da yake neman mafita, don haka za su zauna masa. Na ɗauki darasi a kan kwalayena: kafin in yanke farkon fitowa, zan rubuta a bayan kwalin duk wani bayani da yake cikin abin da zan yanke wanda ba a faɗe shi a wani wuri ba.

Game da gajartar kashin, fitowa tara a minti 10 ta yi yawa ga kunne. Kowace sabuwar fitowa tana cin mai sauraro 'yan daƙiƙu kafin ya gane wuri da muryoyi. Na haɗe uku suka zama ɗaya, na bar fitowar Hadiza da ƙaramar 'yarta ta yi tsawonta, inda yarinyar take son a ba ta hular babanta ta kwana da ita, uwar kuma ba ta iya buɗe akwatin ba tukuna. Babu ɗaga murya a ciki, amma akwai mai nema da mai hanawa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ranar farko a ɗakin ɗaukar murya. Matsalar da ban zata ba: 'yan wasa sun kasa farawa a tsakiya. Wanda yake fitowa a Garba, dattijo ne da ya daɗe a harkar, duk lokacin da aka ba shi alama sai ya faɗi layin farko da ƙarfi da sabuwar murya, kamar yanzu ya shigo. Wani lokacin ma sallama take kuɓuce masa. Ya ce mini, "'Yata, bakina bai saba shiga maganar mutane babu gaisuwa ba."

Mai haɗa sauti ne ya kawo dabara. Ya ce a bar su su yi gaisuwarsu cikakkiya da ka, yadda suka ga dama, na'ura tana ɗauka, har su gangaro kan layin da na rubuta, shi zai yanke na gaban daga baya. Muka gwada. Bambancin a bayyane yake. Da dattijon ya iso "Saura abin da ya kawo ni", muryarsa ta riga ta zauna, ta yi ƙasa, akwai nauyin mutumin da ya daɗe yana juya magana a baki. Sharaɗi ɗaya muka sa: su yi numfashi ɗaya cikakke kafin layin shiga, kada muryar wani ta hau ta wani, don almakashi ya sami wurin kamawa.

A ƙarshen fitowa ma haka muka yi, suna ci gaba da wasa bayan layin fita, mu yanke. Bayan "Baffa" ɗin Mustafa mun bar daƙiƙa biyu na kukan tantabaru kafin ƙofar shago. Mun gwada huɗu, sai ya zama kamar tashar ce ta ɗauke.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An ɗauki kashi na ɗaya zuwa na takwas, an haɗa shida. Kashi na uku da ya fara da minti 19 yanzu minti 13 ne da daƙiƙa 20. Muna son mu gama ɗauka kafin azumi ya kama, don haka saura huɗu a cikin kwana tara.

Fitowar ƙarshe ta kashi na 12 ce ban gama da ita ba. Ranar fitar takaba Hadiza ta taka zuwa Kwari, karo na farko da mai sauraro zai ji ta a wajen gidanta. Na rubuta mashiga biyu. A ta farko an shiga tun tana ƙofar gida, ana jin takunta a lungu, maƙwabta suna yi mata barka da fita. A ta biyu an shiga tana tsaye a bakin shago, Garba yana ciki yana auna wa wani yadi. Kwalin fitowar yana goyon bayan ta biyu, domin a nan ne nema ya fara. Amma kashi 11 aka yi ana shigo mata, kuma ina ganin akwai abin nema a cikin takun nan ma: tana son ƙafarta ta kai ta, tsoro yana riƙe ta. Idan haka ne, sai an ji tsoron a cikin sauti, wataƙila ta tsaya a zaure, Mustafa ya ce "Umma, mu je", ta ce "Bari tukuna".

Gobe zan ɗauki dukkansu biyu da wadda take fitowa a Hadiza, in kai wa Gwaggo da la'asar ba tare da na faɗa mata wadda nake so ba.